Tartibin Ƙwarewa a Takardar Neman Aiki

Tun da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Maiduguri sakamakon fitinar da ta auku a Borno, aikina ya zama tace takardun masu neman aiki, kuma aibin da na fi cin karo da shi, har a takardun haziƙan da suka fito daga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, shi ne rashin tartibi a sashen da mutum yake jera ƙwarewarsa.

Ƙwarewa iri biyu ce: ta fasaha, wadda ake koya kuma ake iya jarrabawa, da ta mu'amala, kamar haƙuri da iya sauraro. Wasu na cewa wajibi ne ta fasaha ta riga, amma ni a wurina sanarwar aikin ce alƙali, domin galibi takan kasa sharuɗɗanta biyu, "Essential" da "Desirable", wato farilla da mustahabbi, kuma daga farillan nan ake tsara takardar makin da muke auna kowa da ita.

A ɗauki misalin gurbin jami'in tattara bayanai a Monguno, wanda aka sharɗanta masa KoboToolbox, da Excel, da jin Kanuri, da riƙon sirri. Sai mai nema ya buɗe da gaskiya da riƙon amana da aiki tuƙuru, ya biyo da Microsoft Word da tuƙin mota, alhali KoboToolbox, wanda ya shekara yana aiki da shi, yana can ƙasa inda idon mai tacewa, da ɗaruruwan takardu a gabansa, ba lalle ne ya kai ba. Abin da ya kamata shi ne ya fara da KoboToolbox, ya bayyana ko cike fom kawai ya iya ko har tsara shi da XLSForm, domin tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Sa'an nan Excel, da ambaton Pivot Table in ya iya. Sa'an nan Kanuri, magana ko har rubutu. Sa'an nan riƙon sirri tare da hujjarsa, wato cewa ya taɓa kula da rajistar sunayen 'yan gudun hijira. Tuƙin mota kuwa a share shi.

Amma da gurbin na mai karɓar koke-koken jama'a ne, da tartibin ya juye, sauraro da sasanci da harshe su hau sama, manhaja ta sauko, ko da mai neman mutum ɗaya ne.

Sifar mu'amala da aka ambata ba da dalili ba da'awa ce kurum, ba mu ba ta maki. Haka nan wanda ya ɗora a sama abin da bai ƙware a kai ba don ya dace da sanarwa, jarrabawar da ake yi a kwamfuta kafin ganawa takan fara ne daga wannan layin na farko.