Me ya sa mai hawan jini ba ya jin komai a jikinsa?

A ɗakin duba marasa lafiya, maganar da na fi ji daga manomanmu na Doguwa da Tudun Wada ita ce: "Likita, ni fa lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi." Na'urar awo kuwa ta nuna 170/100. Mutumin gaskiyarsa yake faɗi. Dalilin yana cikin yadda jiki ke riƙe da matsin jini, kuma wanda ya gane shi ba zai ƙara auna jininsa da yadda yake ji ba.

Duk mai noman rani ya san abin da ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a tiyo: ƙarfin injin, yawan ruwan da yake ja, da faɗin tiyon. Haka jini yake. Zuciya ce ke turawa, jijiyoyin jini na iya tsukewa ko su saki, yawan ruwan da ke cikinsu kuma yana ƙaruwa ko ya ragu. Lambar sama a awo matsi ce lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta huta. Kusan 120/80 ne daidai, idan kuwa awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, hawan jini ya tabbata.

Jiki yana da hanyoyi biyu na kula da wannan matsi. Ta farko mai sauri ce. A gefen wuya biyu, inda babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta rabu, da kuma a jijiyar da ta fito daga zuciya, akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu jin matsi, likitoci na kiransu barorisefta. Aikinsu shi ne jin yadda bangon jijiya ke miƙewa a kowane bugu, su aika saƙo zuwa ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan ka miƙe daga zaune ko daga tsugune, wajen rabin lita na jini kan gangara ƙafafu da ciki. Nan take matsi ya faɗi, saƙon ya ragu, ƙwaƙwalwa ta umarci zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke. Cikin daƙiƙu kaɗan komai ya daidaita. Ɗan jirin da kan ɗebi mutum idan ya miƙe da gaggawa shi ne tazarar da ke tsakanin faɗuwar matsin da gyaransa.

Sai dai waɗannan jijiyoyi masu jin matsi suna da sabo. Idan matsi ya hau ya zauna a sama kwana ɗaya ko biyu, sai su ɗauke shi a matsayin daidai, su koma kare sabon matakin. Saboda haka babu wani saƙon gargaɗi da ke isa ga mai jini 170/100, alhali zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa suna shan wahala shekara da shekaru, har ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Hanya ta biyu tana hannun ƙoda, kuma ita ce ke yanke inda jini zai zauna na tsawon watanni. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake bi. Idan ƙoda ta ji matsi ya ragu, ko gishirin da ke ratsa ta ya yi kaɗan, sai ta saki sinadarin renin, wanda masana biyu, Tigerstedt da Bergman, suka gano a Siwidin a 1898. Renin yana yanka wani sinadari da hanta ke yi, a huhu kuma a ƙarasa mayar da shi anjiyotensin. Shi wannan yana tsuke jijiyoyi, yana tayar da ƙishirwa, yana kuma sa wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda ta fitar da aldostiron, mai hana gishiri fita cikin fitsari. Inda gishiri ya tsaya, nan ruwa ke tsayawa, jini ya ƙara yawa, matsi ya hau.

Wannan tsari ne ke ceton mai zubar jini da mai yini a rana. Amma ƙodar da ba ta iya fitar da gishiri da kyau tana buƙatar matsi mai yawa kafin ta yi aikinta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, da yaji, da kanwa, domin ita ma sinadarin sodiyam ne a cikinta.

Magungunanmu a kan waɗannan hanyoyi suke aiki. Amlodifin yana sa jijiyoyi su saki. Ƙwayar da mutane ke kira ta fitsari tana fitar da gishiri da ruwa. Lisinofiril da danginsa suna tare hanyar anjiyotensin. Yawancin baƙar fata masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa, shi ya sa lisinofiril shi kaɗai bai cika saukar mana da jini sosai ba. Binciken da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magunguna da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini.

Ga yadda abin kan rikice. An kawo wani dattijo lokacin girbin masara, yana shan lisinofiril da ƙwayar fitsari. Zawo ya kama shi, bai fasa zuwa gona ba, da dare kuma ya sha dikulofenak saboda ciwon jiki. A kwance jininsa 118/74, bugun zuciya 88. Da ya miƙe ya koma 92/60, bugu ya haura 112. Na tambaye shi: "Baba, yaya fitsari?" Ya ce ɗan kaɗan ne, ja wur.

Awon ya faɗi komai. Faɗuwar lambar sama da 20 ko fiye cikin minti uku da miƙewa alama ce cewa jini ba ya isa. Hawan bugun ya nuna jijiyoyin wuya suna aikinsu, ruwa ne babu. Ƙoda kuma an ɗaure mata hannu ta ko'ina: ƙwayar fitsari na ƙara zubar da ruwa, lisinofiril ya tare hanyar da take riƙe matsin tacewa, dikulofenak ya tsuke jijiyar da ke shigar mata da jini. Muka dakatar da ukun, aka ba shi ruwa, aka gwada ƙodarsa. Da ya warware aka mayar masa da maganin jininsa, aka hana shi na ciwon jikin.

Don haka, mai shan waɗannan magunguna da amai ko zawo ya kama, ya zo asibiti a ranar, da kwalayen maganinsa a hannu. Dikulofenak da ibufurofen, har da haɗin maganin gajiya da ake saye a kemis, suna riƙe gishiri su ɗaga jini. Farasitamol ya fi aminci. Mai juna biyu ba ta shan lisinofiril. Wanda kuma jiri ya dame shi bayan fara magani, a auna shi a kwance da a tsaye kafin a sauya komai. Idan awo ya sauko daidai, maganin ne ke riƙe da shi, a ci gaba da sha.