Hujjoji a Fom ɗin Auna Kai na Malami

Fom ɗin auna kai takarda ce da malami ke cikewa game da aikinsa kafin shugaban makaranta ya sa hannu. Duk abin da ya rubuta a ciki da'awa ce, sai hujja ta tabbatar da ita.

Alal misali, malamin Hausa a ƙaramar sakandare a Baure, mai ɗalibai 60, ya rubuta cewa ya koyar da auna fahimta da kyau. Wannan bai wadatar ba. Kamata ya yi ya haɗa da tsarin darasin da aka duba aka sa wa kwanan wata, sannan ya nuna cewa ɗalibai 24 suka ci gwajin farko, 39 suka ci na biyu, wato daga kashi 40 cikin ɗari zuwa 65.

Sai dai sakamako kaɗai yana iya yaudara. Idan rajista ta nuna ɗalibai 15 sun tafi gona da damina ba su zauna gwajin farko ba, to 24 cikin 45 ne suka ci, kimanin kashi 53. Ci gaban bai kai yadda aka zata ba, kuma wajibi ne malamin ya bayyana hakan a fom ɗin.