Tsananin matsala daban, gaggawar gyaranta daban

Aikina gwajin manhaja ne, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga an cakuɗa `Severity` da `Priority` wajen tace rahotannin matsala. Na farko yana auna ɓarna: manhajar ta tsaya cak, ko bayanai sun salwanta, ko kuwa akwai hanyar kewayewa? Mai gwaji ne ke cike shi da abin da idonsa ya gani. Na biyu yana faɗin wanda za a fara gyarawa, kuma wannan hukuncin mai kula da manhajar ne, shi da ya san alƙawarin da aka yi wa masu ita da ranar da suke jira.

Mun taɓa aikin manhajar biyan kuɗin makaranta, sai rahoto biyu suka shigo ana gab da buɗe rajistar sabon zango. Na ɗaya, duk lokacin da akanta ya nemi rahoton ƙarshen shekara, shafin sai ya mutu, ba abin da ke fitowa. Aikin ya tsaya gaba ɗaya, don haka na ba shi `critical`. Sai dai mutum ɗaya ke buɗe shafin, ba zai neme shi ba sai bayan watanni, kuɗin kuma suna nan a rubuce lafiya lau. Aka sa masa `P3`.

Na biyu harafi ɗaya ne ya faɗi a sunan makarantar a kan rasit. Biya na shiga, lissafi daidai, tsananinsa `trivial`. Amma rasit ɗin nan shi kowane uba zai buga ya kai ofis ranar Litinin, kuma wanda ya ga sunan makaranta a karkace zai yi zaton 'yan damfara ne suka karɓe masa kuɗi. Ya samu `P1`, aka gyara shi a ranar.

Da shekara ta zo ƙarshe, rahoton akanta ya hau `P1`, tsananinsa kuwa bai motsa ba. Kalanda na sauya gaggawa, amma tsanani ba ya sauyawa sai an gano sabon abu game da ɓarnar, kamar a ce ashe shafin na goge bayanai.

Wani ɓangare na ruɗanin daga kayan aikin yake. Bugzilla na zuwa da gurbi biyu. Jira kuwa `Priority` kaɗai take kawowa, sai an ƙara gurbin tsanani da hannu. Inda ba a ƙara ba, mai rahoton da ya ga manhaja ta faɗi ba shi da inda zai nuna hakan sai ya danna `Highest`. Nan da nan jerin ya cika da su, masu gyara su daina duba gurbin, su koma bin wanda ya fi yawan kiran waya. Idan haka jerinku yake, ku ƙara gurbin tsanani, ku bar `Priority` ba a cike ba har sai an zauna taron tacewa.