Katan casa'in da huɗu da ba a taɓa sacewa ba

Abin da ya tilasta mini ɗaukar alƙalami shi ne lamarin wani dattijo mai kula da sito a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, wanda aka dakatar da shi daga aiki bisa tuhumar cin amana, alhali kuwa ko sabulu ɗaya bai ɗauka ba. Kamfanin ya bar tsohuwar manhajar lissafinsa ya koma sabuwar ERP, kuma da aka yi ƙidayar kaya ta farko bayan ƙaura, sai kwamfuta ta ce akwai katan 216 na wani sabulun wanka, mutane kuma suka ƙirga suka sake ƙirgawa suka tarar da 122 kacal. Aka ce da dattijon ya fito da sauran. Ya ce wa maigidan, "Alhaji, ranka ya daɗe, abin da aka ba ni ajiya ga shi nan a gabanka." Ba a saurare shi ba, domin a ganinsu na'urar da aka kashe wa maƙudan kuɗi ba ta ƙarya.

Da aka kirawo ni, ban taɓa sabuwar manhajar ba sai da na nemi fayil ɗin da aka fitar daga tsohuwar tun kafin kowa ya sa masa hannu, kuma da ƙyar aka samo shi a wayar wani yaron ofis. A ciki sabulun nan yana da lamba biyu. Ta farko ita ce ta sari, ana ƙirga ta da katan, ragowarta 120. Ta biyu kuwa wani akawu ne ya buɗe ta shekarun baya saboda masu sayen ɗai-ɗai, ana ƙirga ta da ƙwaya, ragowarta 96, kuma da yake kowane katan ƙwaya 48 ne, wannan katan biyu ke nan. Jimilla ta gaskiya 122, daidai da abin da ke ƙasa. Amma wanda aka ba kwangilar ƙaurar, da ya ga suna iri ɗaya a layi biyu, sai ya haɗe su ya tara 120 da 96, ya loda 216 a matsayin katan, bai ko waiwayi gurbin ma'auni ba.

Abin da ya fi baƙanta mini rai shi ne alamar kuskuren ta bayyana tun ranar lodi. Darajar kayan sito a sabuwar manhaja ta ɗara wadda ke cikin littafin akanta, tunda ƙwaya 96 sun zama katan 96 a kan farashin katan, shi kuwa gwanin namu, maimakon ya tsaya ya yi tahƙiƙi, sai ya zuba bambancin cikin asusun wucin gadi ya ce za a duba daga baya. Ba a duba ba. Malaman fiƙihu ba su yarda a kama mutum sai da bayyina, mu kuwa mun wayi gari ana tozarta mai furfura a gaban 'ya'yan cikinsa da hujjar lissafin da ba wanda ya tantance.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba, domin galibin manhajojin nan, da zarar an yi ciniki ko ɗaya a kan kaya, ba su ƙara yarda a sauya ma'auninsa na asali. Dole muka rufe lambar, muka buɗe sabuwa wadda asalinta ƙwaya ce, katan kuma ya zama ninkin 48, sannan muka bi takardun sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Tsakuwar da ba a tsince daga hatsi ba kafin a kai niƙa, ba a raba ta da gari.

Da na ga irin wannan hannu, sai na ce a kawo mini jerin abokan ciniki, kuma abin da na ji tsoro shi na tarar. Mutum ɗaya yana nan da Muhammad, da Mohammed, da Moh'd, kowanne da tasa iyakar bashi, har ya zamana ya karɓi kaya ninki uku na abin da Alhaji ya amince masa ba tare da manhaja ta yi ko tari ba. A wani wajen kuma akasin haka aka yi: mutum biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya a Singa ɗaya a Dawanau, an danna musu Remove Duplicates a Excel bisa gurbin suna kaɗai, umarnin da ɗabi'arsa ita ce ya riƙe layin farko ya share na baya ba tare da ya tambayi wanne ke ɗauke da bashi ba. Bashin na biyun ya ɓace ɗungurungum. A ƙasar da rabin unguwa ke amsa Sani ko Abdullahi, suna ba ya isa shaida. Lambar waya, da lambar rajistar kamfani, da lambar haraji ga mai ita, da wurin shago, su ake gwamawa, inda shubuha ta rage kuma a kira yaron da ke kai musu kaya, shi ya san fuskokinsu.

To, ga abin da nake faɗa wa duk mai shirin ƙaura. Kada a gyara fayil na asali, a kwafe shi a ajiye. Kada a haɗe layi biyu sai an dubi ma'auni. Kowace tsohuwar lamba a rubuta sabuwar da ta koma, a jadawali guda. A yi lodin gwaji, a gwada jimillar bashi da darajar kaya da na tsohon littafi, in sun saɓa ko da naira ɗaya ce a tsaya. Kuma ina maimaitawa, a dubi ma'auni.

Masu kamfani su ma suna da nasu alhakin, domin sau da yawa idan na ce akanta da mai sito su zauna su tantance jerin su sa hannu, sai a ce mini, "Malam, ai don haka muka biya ku." Ni ban san ko wane Sani ne ya rasu bara ba, ban kuma san kayan da aka daina kawowa ba, ilmin wannan yana ƙirjin ma'aikatanku. Wanda shekaru suka shuɗe bai yi ciniki ba kuma ba a bin sa ko kwabo, a bar shi a tsohon kundi.

Dattijon an mayar da shi bakin aikinsa, an biya shi albashin da aka riƙe, ko da yake ban ji wanda ya nemi afuwarsa a gaban mutanen da aka kunyata shi a gabansu ba.

Jerin masu kawo kaya kuwa, nan ma akwai gafala. Lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma goma ce, da yawa kuma da sifiri suke farawa, kuma idan aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel sai ya ɗauke su adadi ya cinye sifirin, kamar yadda yake mayar da lambar waya mai alƙaluma 11 zuwa 10, lambar jikin kaya mai 13 kuma ya nuna ta 6.15E+12, in aka adana a haka ta tafi ke nan. Wajibi ne a shigo da waɗannan gurabe a matsayin Text, a kuma adana da UTF-8, in ba haka ba Ɗanladi da Ƙaraye su fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. A kamfanin nan sai da muka buga wa masu kawo kaya waya ɗaya bayan ɗaya suka sake karanto mana lambobin asusunsu kafin aka saki biyan kuɗin watan.