Buroshin Lantarki da na Hannu, da Alamomin Tsufan Gashinsu

Ka sani, ya kai mai karatu, abin da ake nufin kawarwa in an goge baki shi ne wani datti mai yauƙi wanda ƙwayoyin cuta ke tarawa a gindin haƙori, daidai inda ya sadu da dasashi, wanda in aka ƙyale shi kwanaki sai ya daskare, har buroshi ya gaza ɗaga shi, sai likitan haƙori ya kankare da ƙarfe. Shi ne asalin kumburin dasashi, da jinin nan da mutum kan gani in ya tofar. To, duk gardamar da ake yi tsakanin buroshin lantarki da na hannu, a kan wannan datti take.

Wani likita ne a ƙasar Suwizalan, Philippe-Guy Woog, ya fito da na lantarki a 1954. A 2014 kuwa malaman ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje fiye da hamsin suka auna, suka iske cewa bayan wata uku ana amfani da shi, na lantarki ya fi na hannu rage dattin nan da misalin kashi 21 cikin ɗari, kumburin dasashi kuwa da kashi 11. Wannan fifiko ne tabbatacce, amma a ganina bai kai matsayin da za a ce wa mai na hannu ya yi hasara ba, muddin ya cika sharuɗɗa, watau gashi mai laushi, da man da ke da sinadarin fuloraid, da minti biyu cur safe da dare, yana karkata gashin wajen dasashi, yana murzawa a hankali haƙori bibbiyu. Galibin fa'idar na lantarki ita ce yana rufa wa mai gaggawa asiri, domin da yawansu suna da agogon da ke shaida maka cikar minti biyun, waɗansu kuma sukan kunna 'yar fitila in ka danna fiye da kima. Wanda ya fi kowa bukatarsa shi ne dattijo mai ciwon gaɓɓai, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda aka ɗaura wa waya a haƙora. Aibinsa kuwa tsada, da neman caji, da wahalar samun kan da za a sauya in na farko ya ƙare, don haka kafin ka saya ka bincika ko ana sayar da kawunansa a garinku.

Mas'alar da ta fi wannan nauyi, wadda kuma mutane suka fi gafala da ita, ita ce tsufan gashin. Gashin buroshi na leda ne irin wanda ake kira nailan, da tsininsa yake aiki, kamar yadda tsintsiya ke shara da bakinta. In ya tanƙware sai ya riƙa shafar haƙori da gefe, ya wuce ta kan dattin bai taɓa shi ba. Likitoci sun ƙayyade wata uku zuwa huɗu, amma ido ya fi lissafin wata gaskiya. Ka bari ya bushe, sa'an nan ka juya shi ka dube shi ta ƙeya: in ka hango gashi ya leƙo ta gefen kan, ya gama aiki. Ka kuma dube shi ta gefe, ko tsakiya ta lotsa, ko kuwa ka danna da yatsa ya ƙi miƙewa, ko man ya daskare a gindin gashin ya ƙi fita da ruwa. Waɗansu kawunan na lantarki suna da shuɗin gashi mai koɗewa, in ya koɗe zuwa rabi lokaci ya yi.

Ɗauki misalin magidanci mai cin goro, wanda don ƙosawa da jan haƙoransa ya sayi buroshi mai tauri, ya damƙe shi a tafin hannu yana dirza, kafin mako uku gashi ya baje. Zai ce jabu aka sayar masa, alhali kuwa hannunsa ne ya yi nauyi, kuma ƙarfin da ya baje gashin shi ke ture dasashi baya, musamman wajen fiƙa, har gindin haƙori ya bayyana ya riƙa tsami in an sha ruwan sanyi. Maganinsa ya koma mai laushi, ya riƙe shi da 'yan yatsu uku yadda ake riƙe alƙalami. In na lantarki ya saya, kada ya goga ko kaɗan, sai ya aza kan a bisa haƙori ya ɗan dakata, sa'an nan ya matsa gaba. Jan goro dai ba dirza ke fid da shi ba, wankin likita ne.

Bayan an gama, a ɗauraye buroshi a yarfe, a tsayar da shi kansa sama inda iska ke kaɗawa, kada a rufe shi da danshi cikin kwanso, kada kuma miji da mata su haɗa guda.