Ranar Saye Ba Ta Tambayar Farashi

Ɗana, tunda albashi ya fara shigo maka kuma kana son ka riƙa sayen hannun jari, bari in ba ka hanyar da na fi amincewa da ita ga mai abin hannu kaɗan. Ka yanke adadin kuɗi guda, ka yanke rana guda a wata, duk sadda ranar ta zo ka sayi abu ɗaya da kuɗin nan, ko farashi ya hau ko ya sauka. Ba sabuwar dabara ba ce, Benjamin Graham ya bayyana ta a littafinsa na 1949 kan zuba jari. Faɗinta ba wuya, riƙe ta ne aiki.

Lura da kyau, kuɗin ne ba ya canjawa, ba yawan abin da ka saya ba. Magidancin da ya ware wa hatsi kuɗi ɗaya kowane wata, da kaka yakan koma gida da mudu masu yawa, da bazara kuma 'yan kaɗan, ba tare da ya zauna ya yi wani lissafi ba. Haka abin yake a nan: araha tana sa ka kwashi da yawa, tsada tana rage maka hannu da kanta.

Mu ɗauka kana ware naira 20,000 duk wata, kana sayen kaso a wani asusun jari. Watan farko kaso ɗaya naira 100 ne, ka samu 200. Wata na biyu ya sauko 80, ka samu 250. Na uku 50, ka samu 400. Na huɗu ya faɗi warwas zuwa 40, kuɗinka ya saya maka 500. Daga nan ya fara farfaɗowa, 50 a wata na biyar, ka ƙara 400, sannan 80 a na shida, ka ƙara 250. Ka kashe naira 120,000, kana riƙe da kaso 2,000, wato kowane ɗaya ya tsaya maka a naira 60. Farashi bai ma koma 100 ɗin da ya faro ba, amma a 80 abin hannunka ya kai naira 160,000. Wanda ya zuba 120,000 ɗinsa gaba ɗaya a watan farko kaso 1,200 ya samu, yau kuma darajarsu 96,000 ce.

To, koma wata na huɗu, domin can ne maganar take. A ranar ka riga ka zuba 60,000 a watanni uku, kana da kaso 850, allon wayarka kuma yana nuna maka naira 34,000. Kusan rabin guminka ya narke a idonka. Abokan aiki suna cewa kasuwa ta mutu, zuciyarka tana raya maka ka dakata sai ƙura ta lafa. Amma sayen wannan watan shi kaɗai ya kawo maka kaso 500, rubu'in duk abin da ka tara. Wanda ya tsallake shi ya sayi masu tsada ya bar masu araha, ya rushe dabarar da hannunsa. Shi ya sa nake so ka cire zuciyarka daga cikin lamarin tun farko. Ka ba banki umarnin ya riƙa tura kuɗin da kansa kwana ɗaya ko biyu bayan shigowar albashi, kafin buƙatun gida su yi masa rubdugu. Adadin kuma ya zama wanda ko a watan Sallah ko na biyan kuɗin makaranta ba zai gagare ka ba. Gara 10,000 da ba ta yankewa da 50,000 da za ta tsaya a wata na uku.

Kada kuma ka ɗauka wannan hanya kullum ita ce mai rinjaye. Da farashin ya yi ta hawa ne, 100, 125, 160, 200, to 80,000 ɗinka ta wata huɗu kaso 585 za ta saya, alhali wanda ya zuba ta lokaci guda a farko yana da 800. Kamfanin Vanguard ya bincika tarihin kasuwannin Amurka da Birtaniya da Ostareliya a 2012, ya tarar zubawa lokaci guda ta fi rarrabawa riba kusan sau biyu cikin uku. Wannan ya shafi mai dunƙulen kuɗi a hannu, kamar gado ko kuɗin sallama. Kai mai albashi ba ka da wannan zaɓin, kuɗinka wata-wata yake zuwa, wata-wata za ka saya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da kake sayen. Duk lissafin nan ya dogara ne a kan farashi ya tashi bayan faɗuwa. Idan kamfani guda ka liƙe wa kuma ya kama hanyar durƙushewa, kullum za ka ga araha, kullum za ka ƙara kwasa, ƙarshe ka tara tulin takardun da ba mai saye. A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya zube ƙasa da rabin haka, kuma akwai bankunan da masu hannun jarinsu ba su sake ganin kuɗinsu ba. Kasuwar ta dawo daga baya, waɗancan ba su dawo ba. Don haka ka nemi asusun da ya haɗa kamfanoni masu yawa, mai rajista da hukumar SEC. Akwai waɗanda aka tace bisa ƙa'idar Shari'a, ba bankin ruwa ba kamfanin giya, idan ka tambayi dillali mai lasisi zai nuna maka. In farashi ya faɗi tare da kasuwa duka, ci gaba da saye. In kuwa abinka ne kaɗai yake zubewa sauran suna tsaye, ko rahoton shekara ya daina fitowa, ko ka nemi cire kuɗi aka fara yi maka gobe-jibi, ka tsaya ka bincika kafin ka ƙara ko kwabo.

Ko kasuwa sukutum tana iya daɗewa a ƙasa. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake taka wurin ba sai 2024. Saboda haka kuɗin haya da na asibiti da na auren da ka sa wa rana ba su da wuri a nan. Ka ajiye abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida a gefe, don kada lalura ta tilasta maka sayarwa a ranar da farashi yake 40.

Ka duba ladan da ake cira ma. Idan kowane saye ana yanke maka naira 500 a kan 5,000, kashi goma cikin ɗari ya tafi tun kafin ka fara, gara ka tara ka saya duk wata uku. Kuma da yake naira tana rage ƙarfi, duk sadda albashi ya ƙaru ka ɗaga adadin, sau ɗaya a shekara ya isa.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da kuɗin da ka zuba da kason da ka samu. Raba jimlar kuɗin da jimlar kason, shi ne farashinka na gaskiya, da shi za ka auna kasuwa. Kafin albashin watan nan ya shigo, ɗana, ka yanke adadin da ranar, ka je banki ka sa hannu. Allah Ya sa albarka a cikin abin da za ka tara.