Yadda Za a Jera Fitilu a Shago Ko Madafa Ba Tare da Kashe Ido Ba

A yawancin ƙananan shagunan Dakoro, ƙwan lantarki guda ne ke rataye tsakiyar ɗaki. Mai shago ya juya zai auna gero a tiya, inuwarsa ta rufe masa hannu. Mai saye kuma hasken na dukan idonsa. Sau da yawa ƙarfin ƙwan ya isa, wurin da aka sa shi ne bai dace ba.

1. Ka fara da inda hannu ke aiki. A shago, teburin ciniki ne da sikeli. A madafa, wurin yankan albasa da bakin tukunya. Ƙwan ya zo sama da gefen teburin, ɗan gaba da kan mai tsayuwa. Kafin a buga ƙusa, bayan magariba ka tsaya wurin, yaro ya ɗaga tocila sama yana matsar da ita. Inda inuwa ta bar hannunka, nan ne wurin.

2. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya. Ɗauki shago mai mita 3 kowane gefe. Maimakon ƙwai guda mai wat 40, sa na LED huɗu masu wat 9: biyu bisa tebur, biyu gaban kantocin kaya, kamar rabin mita daga bango, don hasken ya sauka a fuskar gwangwanaye da kwalaye. Jimilla wat 36 ke nan, ga shi babu lungun da ya yi duhu. Ka raba musu makunni biyu. Ranar da wutar NIGELEC ta ɗauke aka koma batirin sola, na tebur kaɗai za a bari: wat 18 na awa huɗu bai wuce amfiya-awa 6 ba a batir mai bolt 12, ban da ɗan abin da na'urar juya wuta ke ci.

3. Ɓoye ƙwan daga ido. Ka tsaya inda mai saye ke tsayawa. In kana hangen ƙwan tsirara, ka ɗaga shi ko ka kare shi da ɗan katako ta wajen ƙofa. Zaɓi mai farin murfi, kuma kada ka rufe shi da leda ko takarda, zafi na rage masa kwana. In sikeli ko gilashin kanta na walƙiya, matsar da ƙwan gefe.

4. Duba kwalin. Mai 6500K yana da shuɗi-shuɗi, yana dusashe launin nama da tumatir. Ni dai 4000K nake zaɓa wa madafa da mai sayar da atamfa.

5. Shafa wa bango farar ƙasa. Jan bango na laka shanye haske yake yi.

6. Uwargida, kada ƙwai ya zauna daidai saman murhu. Hayaƙi zai baƙanta shi, da damina kuma ƙwarin da yake tarawa cikin miya za su faɗa. A sa shi gefe, kuma lokacin ƙurar hunturu a kashe shi a goge da busasshen ƙyalle duk mako.